Aikin Dare da Neman Rana: Jawabi ga Masu Gadi da Ma'aikatan Masana'antu

Jama'a, wannan jawabi ya shafi mutanen da suke farkawa sa'ad da gari yake kwanciya, watau masu gadin gidaje da kantuna da sito-sito, da kuma ma'aikatan masana'antu waɗanda suke kwana a gaban inji. Ana samun su a Bompai da Sharaɗa a Kano, da Kakuri a Kaduna, da Ikeja da Apapa a Ikko, da Sango Ota, da Fatakwal, da sauran garuruwan ƙasar nan. Da yawa daga cikinsu albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, ga kuɗin haya, ga iyali a gida suna jiran aike. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutum ya tashi daga aiki da safe, ya ga rana ta fito, kasuwa ta fara ci, ya ce a ransa ai ga yini guda nan a banza, bari ya nemi abin ƙarawa.

Neman ƙari ba laifi ba ne. Kuskuren yana cikin lissafin da yake nuna wa mutum cewa yinin nan duka nasa ne. Ranar mai aikin dare ita ce darensa, kuma akwai mai bin sa bashi a cikinta tun kafin ya taɓa ta, watau barci. Abin da ya rage bayan an biya wannan bashi shi ne jarin da zai juya, kuma yawanci ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Don haka kafin a yi maganar sana'ar da ta dace, sai an fara ƙidaya awoyi.

A ɗauki misalin mai gadin wani sito a Ikeja, wanda yake zaune a ɗakin haya a Agege. Yana karɓar aiki ƙarfe 7 na yamma, ya miƙa ƙarfe 7 na safe. Awa 12 ke nan sun tafi daga cikin 24. Zuwa da dawowa, idan hanya ba ta cushe ba, suna cin awa ɗaya da rabi. Wanka da cin abinci da ibada da ɗan zama da iyali ba za su kasa awa biyu ba. Saura awa takwas da rabi. Likitoci kuwa sun haɗu a kan cewa baligi yana bukatar barcin da bai gaza awa bakwai ba a kowace kwana. In an cire su, abin da ya rage wa mutumin nan awa ɗaya da rabi ne kacal, ko biyu idan ya matsa. Wannan shi ne yinin da ya gani da safe yana tsammani teku ne.

Ma'aikacin masana'anta da ke aikin awa takwas, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ya fi shi sarari. Bayan ya cire hanya da barci da bukatun gida, yakan sami awa huɗu, wani lokaci har biyar. To amma shi ma yana da nasa tarnaƙi, domin masana'antu da yawa karɓa-karɓa suke yi: wannan mako mutum yana aikin dare, mako mai zuwa na safe, na bayansa na yamma. Awoyin da ya samu a wannan mako ba su ne zai samu a mako mai zuwa ba, kuma za a ga yadda wannan yake shafar irin sana'ar da zai iya riƙewa.

Sau da yawa akan ji mai gadi yana cewa shi jikinsa ya saba, awa uku ta ishe shi. Ya kamata a tsaya a kan wannan magana, don ita ce take kai mutane ga hasara. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani abu mai kama da agogo, wanda hasken rana yake saita shi. Idan duhu ya yi, yakan sa jiki ya yi sanyi, ya nemi kwanciya. Idan gari ya waye, ya tashe shi. Mai aikin dare yana komawa gida cikin hasken safiya, yana zaune cikin mutanen da ke harkarsu da rana, saboda haka agogon nan nasa ba ya juyewa sarai ko da ya shekara goma yana kwanan gadi. Abin da ke biyo baya abu biyu ne. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba barci yakan danne shi a wurin aiki, ko ya so ko bai so ba. Da rana kuma, idan ya kwanta, barcin yakan zo gajere, mai yankewa, ya farka wajen azahar ko da bai ƙoshi ba. Watau tun bai fara wata sana'a ba, an riga an rage masa mudu. Abin da ake kira sabo kuwa, yawanci mutum ya daina jin gajiyar ne kawai, amma hannunsa da idonsa da hankalinsa suna nan suna yin nauyi.

An gwada wannan nauyi an gani. A shekarar 1997 wasu masana a ƙasar Ostareliya suka hana mutane barci, suka riƙa auna yadda hannunsu yake bin abin da idonsu ya gani. Suka tarar cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa ya lalace daidai da na wanda ya sha giyar da ƙasashe da yawa suke hana mutum tuƙi da ita a jikinsa. Wanda ya kai awa 24 kuwa ya zama kamar wanda ya ninka wannan giya.

Yanzu a dawo kan mai gadin Agege. A ce wani ɗan garinsu ya ba shi babur ya riƙa yin acaɓa da safe, lokacin da fasinja suka fi yawa. Ya farka jiya ƙarfe 5 na yamma. Da ƙarfe 7 na safe, sa'ad da yake tayar da babur, ya riga ya yi awa 14 bai runtsa ba. Kafin ƙarfe 10 ya cika awa 17, ga shi kuwa a tsakiyar motoci da ran wani a bayansa. Barcin da ke kama irin wannan mutum ba ya sallama. Ido yana iya zama a buɗe, amma ƙwaƙwalwa ta ɗauke na daƙiƙa biyu ko uku. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin fiye da mita 30 a cikin daƙiƙa uku, kuma wannan ya isa a hau bayan tirela ko a faɗa kwata.

Ban da haɗari, akwai doka. Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida tun daga 1 ga Yuni, 2022, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, sa'an nan ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba na wannan shekara. Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni tun 2013, an kuma fitar da 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja tun 2006. Wanda aka kama, babur ɗin da ba nasa ba ne zai tafi, bashi ya hau kansa. Keke mai ƙafa uku ya tsira daga wannan hani a wurare da dama, amma bai tsira daga gyangyaɗi ba. Duk sana'ar da kuskuren daƙiƙa uku yake iya zama ajali a cikinta, kamar tuƙi, da hawa bene wajen gini, da aiki da zarton lantarki, da jan wayar wuta, ba ta mai aikin dare ba ce.

Ga ainihin lissafin kuɗin, domin kuɗi ne suke jan mutum. Alƙaluman da za a kawo misali ne kawai, kowa sai ya sa farashin garinsu a gurbinsu. A ce a awa huɗu na safe ɗan acaɓan ya tara naira 9,000. Mai ya ci 3,000, balas na mai babur 3,000, tikiti da ƙananan gyare-gyare 1,000. Ya tashi da 2,000. A kwana 26 ya sami naira 52,000, bayan ya zuba awa 104 a kan titi, watau naira 500 a kowace awa, kuma kowace awa daga cikin barcinsa ya yanko ta.

A gefe guda kuma, a ce ya kafa tebur a ƙofar gidan da yake haya, da sabulu da omo da sukari da ashana da biskit da alewa da maganin sauro. Tebur ba ya ciyar da wanda zai buɗe shi awa biyu ya rufe, domin ribarsa ƙanana ce, yawan zama ne yake tara ta. Saboda haka ba shi ne zai zauna ba; ƙaninsa ne, ko matarsa idan yana tare da iyali. Nasa aikin shi ne saro kaya sau biyu a mako, awa bibbiyu, da yin lissafi na rabin awa kowace rana. A ce ana cinikin naira 15,000 a yini, ribar ciki 2,000. A kwana 26 an sami 52,000. Mai zama ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, wajen 17,000. Bashin da bai dawo ba da kayan da suka lalace sun ci 5,000. Ya rage masa 30,000. A ido acaɓa ta fi, da naira 22,000. Amma shi mai tebur awa 30 ya kashe a watan, watau naira 1,000 a kowace awa, ninki biyu na ɗan acaɓa, kuma barcinsa yana nan. Idan ɗan acaɓan ya faɗi ya karye sau ɗaya, ya rasa acaɓar, ya rasa gadin, ga kuɗin ɗori. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Tebur yana da nasa ciwon, kuma an san inda yake kamawa. Na farko bashi: maƙwabci ya ɗauki sukari ya ce sai ƙarshen wata, ga kunya ta hana a tambaye shi. Na biyu cin uwar kuɗi: gida ya riƙa ɗiban sabulu da madara daga tebur ba a rubutawa, sai a wayi gari kaya sun ragu, kuɗin saro wasu kuwa babu. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ranar farko a rubuta adadin jarin da aka zuba. Kowane ƙarshen mako a ƙidaya kayan da ke kan tebur bisa farashin sari, a haɗa da kuɗin da ke cikin gwangwani. In jimlar ta gaza jarin farko, to ana cin uwa, ko da kuwa ana ganin ciniki yana tafiya. Abin da gida ya ɗauka a rubuta shi kamar yadda za a rubuta na baƙo. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa yaron makaranta ya riƙe masa littafin.

Akwai tsohuwar al'ada ta masu gadin gidaje, su kafa teburin a bakin ƙofar da suke gadi. Inda maigida ya yarda, abin yana da sauƙi, tunda babu haya kuma babu tafiya. Sai dai a nemi yardar a fili tun farko, kada a dogara da cewa ya gani bai yi magana ba. Kamfanonin gadi kuwa, waɗanda ke aiki ƙarƙashin dokar 1986 kuma Hukumar Sibil Difens take ba su lasisi, galibi ba su yarda ma'aikacinsu ya yi ciniki a bakin aiki ba. Suna da hujja, domin tebur yana tara mutane a ƙofa, kuma wanda ya zo leƙen asirin gida ba ya bukatar wani dalili da ya wuce sayen ashana.

Daga wannan kwatanci ana iya gane siffar sana'ar da ta dace da mai aikin dare. Ita ce wadda take tafiya ko yana barci, ko kuwa wadda zai iya ajiyewa ya ɗauka ba tare da ta lalace ba. Turkar rago tana cikin kashi na farko. Ana sayen rago maras ƙiba amma mai ƙashi da lafiya, wata uku ko huɗu kafin Babbar Salla. A fara ba shi maganin tsutsar ciki bisa shawarar malamin dabbobi, domin ragon da ke da tsutsa dusa kawai yake ɓatawa. Sa'an nan a riƙa ba shi harawa da dusa safe da yamma, da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri ko kanwa. Aikin bai wuce rabin awa idan an dawo da safe, da rabin awa kafin a fita da yamma. A ce an saye shi naira 100,000, abinci ya ci 500 kullum har kwana 90, watau 45,000, magani 5,000, aka sayar 190,000. Riba 40,000 ke nan a wata uku. Ba ta da yawa, kuma tana iya zama hasara idan ragon ya mutu, ko aka sace shi, ko kasuwa ta cika da dabbobi ana gobe Salla farashi ya faɗi. Har wa yau tana bukatar fili da yardar mai gidan haya, kuma harawa ta fi tsada a Kudu, don daga Arewa ake kai ta. Saboda haka ta fi dacewa da mai gadin Kaduna ko Jos ko bayan garin Abuja bisa ga wanda ke ɗaki ɗaya a tsakiyar Ikko.

Kashi na biyu shi ne aikin hannu da ake karɓa a kai gida: ɗinkin hula, da gyaran tufafi a keken ɗinki, da gyaran takalma, da gugar kaya, da gyaran rediyo ko wayar hannu ga wanda ya koya. Amfaninsu shi ne mai kaya ba ya tsaye a kansa. An yi alkawarin rana, shi ke nan. Ko da azahar aka yi aikin ko da la'asar, babu ruwan mai kaya. Wannan shi ya fi dacewa da ma'aikacin masana'anta mai karɓa-karɓa, domin shagon da yake buɗe da yamma wannan mako, ya kasance a rufe mako mai zuwa, masu ciniki ba sa daɗewa suke komawa wani wuri. Abin lura shi ne kada a karɓi aiki fiye da awoyin da aka ƙidaya. Telan da yake da awa biyu a yini, idan ya karɓi ɗinkin Salla kamar mai yini a shago, daga barcinsa zai biya, kuma a daidai makon da ɓarayi suka fi yawo.

Tura kurar ruwa kuwa, da dako, da leburancin gini, suna kawo kuɗi a hannu nan take, shi ya sa sababbin zuwa suke faɗa musu. Amma kura mai jarka goma, kowace lita 25, kilo 250 ce ta ruwa kaɗai, ana tura ta cikin rana. Jikin da ya yi wannan ba zai iya tsayuwar dare ba. Mafi muni duka shi ne karɓar gadi biyu, ɗaya da dare ɗaya da rana. Mai yin haka barci yake yi a wuraren biyu, ana biyan sa, har ranar da za a yi sata a ɗayansu, ya zama shi ne na farkon wanda za a tafi da shi ofishin 'yan sanda.

To, yaya mai gadin Agege zai tsara yininsa? Ya tashi aiki ƙarfe 7, ya isa gida 8 saura kwata. Ya yi wanka, ya ci abu maras nauyi, ya kwanta 8 da rabi. Wannan shi ne babban barcinsa, kuma safiya ta fi dacewa da shi don ɗakin kwano bai ɗauki zafi ba tukuna, yara kuma suna makaranta. Ya sa labule mai kauri ko ya rufe taga da bargo, ya kashe waya, ya gaya wa mutanen gida da abokai cewa kafin azahar ba ya nan. Ya tashi ƙarfe 1 da rabi, awa biyar ke nan. Bayan ya ci abinci ya kintsa, daga 2 da kwata zuwa 4 da kwata lokacin sana'a ne, ko saro kaya, ko zama a kan keke. Ƙarfe 4 da rabi ya sake kwanciya zuwa 6, ya kama hanya 6 da kwata. Barcin nan na biyu shi ne wanda aka fi yawan sayarwa, alhali kuwa shi ne yake riƙe mutum a ƙarfe 4 na asuba. Jimla awa shida da rabi. Ko a haka ma da sauran rabin awa, wadda sai ranar hutu za a rama. Wannan yana nuna cewa mai aikin awa 12 ba shi da rarar da zai yi wasa da ita. Na masana'anta kuwa yana iya kwanciya daga 7 da rabi na safe zuwa 1, ya yi sana'a daga 2 zuwa 6, ya sake kwanciya bayan magariba kafin ya fita.

Goro da shayi da kofi suna da amfani idan an san lokacinsu. Sinadarin da ke cikinsu mai kore barci yana daɗewa a jiki. Bayan wajen awa biyar rabinsa yana nan. Wanda ya ci goro ƙarfe 6 na safe don ya ƙarasa aiki, shi ne zai kwanta ƙarfe 9 yana juye-juye. Gara a ci shi a farkon dare zuwa tsakiyarsa, a dakata daga wajen ƙarfe 3. Ƙwayoyi irin su tiramol kuwa, waɗanda ake cewa suna ƙara ƙarfin aiki, ba sa biyan bashin barci ko na minti ɗaya. Suna rufe gajiya, suna kama mutum har ya kasa rabuwa da su, yawansu yana jawo farfaɗiya, kuma kuɗinsu yakan cinye ribar da aka fita nema.

Doka ma tana da abin cewa, kuma sanin ta yana iya ƙara wa ma'aikaci kuɗi ba tare da ya ƙara sana'a ba. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin wata uku su cika. A cikinta za a ga awoyin da aka yi yarjejeniya a kansu, kuma abin da ya haura su obataya ne. A duba ko takardar ta hana yin wani aiki a waje, domin wasu kamfanoni suna sa wannan sharaɗi. Dokar ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma a kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. Ta kuma hana a yanke wa ma'aikaci albashi da sunan tara. In ya jawo hasara ta hanyar sakaci, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce za a cire wani abu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 70,000 a wata tun Yulin 2024, ko da yake dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wanda ya sa mai gadin gida ɗaya yake wajenta. Mai gadin kamfani da ake biya ƙasa da haka, ko ake hana shi ranar hutu, yana iya kai kuka ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharsa. Wanda yake cikakken ma'aikacin gwamnati kuma ya sani cewa Tsarin Mulkin 1999 ya hana shi gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma.

Akwai kuma maganar diyya. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a wurin aiki, har ma da wanda haɗari ya same shi a hanya tsakanin wurin aiki da gidansa. Amma ma'aikacin da ya fito daga masana'anta ya hau babur yana ɗaukar fasinja, ya bar hanyar gida ya shiga harkar kansa. In ya faɗi a can, ba shi da hujjar da zai nemi wannan diyya.

Wanda ya riga ya fara sana'ar rana yana iya gane ko ta fara cin aikin darensa. Idan ya zauna a mota ko a benci barci ya ɗauke shi nan da nan, idan ya iso gida ya kasa tuna wani yanki na hanyar da ya biyo, idan ya ƙidaya buhuna sau biyu ya sami adadi biyu, idan ya manta ko ya kulle ƙofar baya har sai ya koma ya duba, idan goron da yake ci ya ninka, ko ya riƙa yi wa iyali faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, to bashi ya taru. Ma'aikacin inji kuma ya lura da yawan kayan da ake dawo masa da su don kuskure, da ranar da ya ga hannunsa ya matsa kusa da bel ko haƙoran inji bai san lokacin da ya kai shi ba. Alama ɗaya daga cikin na ƙarshen nan ta isa a dakatar da sana'ar rana na mako guda, a mayar da awoyinta ga barci. Idan bayan makon alamun sun tafi, sai a koma da rabin awoyin da ake yi da. Idan kuwa suna nan, musamman ga mai yawan minshari, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, sai a je asibiti a gaya wa likita cewa aikin dare ake yi, da adadin awoyin da ake kwanciya, domin ya san lokacin da zai tsara wa mutum shan magani da cin abinci.